Wasiƙar neman aikin animeshan ga wanda ya koya da kansa: a fara da tarihi ko a fara da aiki?

Ƙaramin situdiyon animeshan ba ya da ofishin ɗaukar ma'aikata. Mutum biyar ne ko shida a ɗaki biyu, kuma wanda zai buɗe wasiƙarka shi ne mai wurin ko babban mai motsa zane, wato mutumin da zai zauna kusa da kai yana gyara maka aiki in an ɗauke ka. Sau da yawa a waya zai karanta, yana jiran kwamfuta ta gama renda, wato fitar da bidiyo. Abin da yake son sani bai wuce biyu ba: ina aikin yake, kuma in na kawo wannan yaro zai rage mini nauyi ne ko zai ƙara mini?

Wanda ya koyi sana'ar da kansa, ba takardar makarantar zane a hannunsa, yana da hanya biyu ta gina wasiƙar. Ko dai ya fara da tarihinsa, ya faɗi yadda ya faro da wahalar da ya sha, sannan ya nuna aiki daga ƙarshe. Ko kuma ya fara da aikin, ya bar tarihin ya zo a layi biyu can ƙasa. Akwai ta uku, irin wadda ake buga wa mutane a shagunan kwamfuta na bakin sakatariya, mai adireshi biyu a sama da kan magana da manyan baƙaƙe da dogon roƙo na ƙasƙantar da kai. Wannan ta neman aikin gwamnati ce, kuma a can tana da amfaninta. A situdiyo ba ta faɗin komai game da hannunka, don haka mu ajiye ta gefe.

Don kwatancen ya tsaya a ƙasa, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce matashi ne a Mabera, cikin Sakkwato. Shekara uku yana koyon Blender, manhajar yin animeshan, da dare bayan ya tashi daga shagon gyaran waya. Ya ga talla: wani ƙaramin situdiyo a Abuja da ke yin gajerun katun na wayar da kai da Hausa yana neman ƙaramin mai motsa zane, da Blender suke aiki, kuma sun yarda a yi daga nesa. Sun ce a turo wasiƙa da ril, wato gajeren bidiyon da ke tattara mafi kyawun aikin mutum. Ril ɗinsa daƙiƙa 48 ne. Daƙiƙa huɗu na farko suna ne. Daga 0:04 ɗan garuwa na ɗaga jarka yana ɗora ta kan kura, daƙiƙa 11. Daga 0:15 wata tsohuwa na yi wa jikanta faɗa, daƙiƙa 14. Daga 0:29 raƙumi na tafiya, daƙiƙa tara. Daga 0:38 tafiyar mutum, daƙiƙa shida, sai lambar waya a ƙarshe.

Ga yadda wasiƙar tarihi kan fito daga hannun irin wannan matashi:

"Assalamu alaikum, Yallaɓai. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina mai farin cikin rubuto wannan takarda. Tun ina ƙarami nake son katun, ina zane a bayan littafin makaranta. Duk da cewa ban samu damar karanta wannan fanni a jami'a ba, ban yi ƙasa a gwiwa ba. Na koya da kaina ta intanet cikin wahalar data da rashin wuta. Ina da ƙwazo da haƙuri da saurin ɗaukar abu. Na iya Blender, Maya, After Effects, Moho, Photoshop da sauransu. Ina roƙon a ba ni dama in nuna abin da zan iya, in Allah ya yarda ba za ku yi da-na-sani ba. Ga wasu daga cikin ayyukana a ƙasa."

Ba ƙarya a cikinta in ban da jerin manhajojin, kuma ladabinta daidai ne. Matsalarta ita ce kusan duk wanda ya nemi wannan aiki zai iya sa hannu a ƙarƙashinta. Wa ya shiga wannan sana'a ba don yana son katun tun yana yaro ba? Wa ya koya a Najeriya bai sha wahalar wuta ba? Mai situdiyon ma ya sha. Sannan ka lura da inda maganar rashin karatun jami'a ta faɗo: a farko-farko, da "duk da cewa". Mai karatu bai tambaya ba, tallar ma ba ta nemi digiri ba, amma marubucin ya miƙa masa abin da zai yi shakka a kai kafin ya ga ko firem ɗaya, wato hoto guda daga jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. Jerin manhajoji biyar kuwa, ga wanda ya san sana'ar, alama ce ta mutumin da ya buɗe kowace sau ɗaya ya rufe. Mai shekara uku yana koyo da dare bai ƙware a Maya da Moho da Blender a tare ba, kuma tambaya guda a hira za ta tona.

Ga kuma wasiƙar aiki, daga matashi ɗaya da ril ɗaya:

"Assalamu alaikum, Malam. Na ga tallarku ta neman ƙaramin mai motsa zane. Ga ril ɗina, daƙiƙa 48: (linki). In lokaci ya ƙure, a duba 0:04 da 0:15.

A 0:04 ɗan garuwa ne ke ɗaga jarka mai lita 25. Motsin duka nawa ne, da hannu na sa shi, ɗan tsanar kuwa Snow ne na Blender Studio. Ya ɗauke ni kwana tara, awa huɗu kullum. A 0:15 zane da motsin baki nawa ne, da Grease Pencil, muryar kuma ta wata 'yar uwata ce da Sakkwatanci. Na zaɓe shi ne don na ga gajerun katun ɗinku kusan duk hira ce tsakanin mutum biyu.

Da kaina na koya, shekara uku ke nan, a Blender. Ina kai aikina gaban waɗanda suka fi ni su gyara. Guntun ɗan garuwa sau bakwai na sake shi, kuma zan iya turo na farko da na ƙarshe a kwatanta. Ban taɓa aiki cikin ayari ba, shi ne abin da nake nema in koya a wurinku.

Ina Sakkwato, zan iya farawa daga nesa nan take, kuma a shirye nake in yi gajeren gwaji. Na gode."

Ta biyun ta fi tsawo, amma ba wannan ne abin dubawa ba. Bambancin shi ne ta biyun kowace jimla a cikinta ana iya bincikarta. An ce kwana tara, gwaji zai nuna. An ce sau bakwai, fayil zai nuna. Ta farkon kuwa "ƙwazo" da "haƙuri" ba wanda zai iya auna su ta imel.

Tsoro uku da mai situdiyo ke da shi

Abin da ya sa muke fifita ta biyun a mafi yawan lokuta shi ne, mai ɗaukar wanda ya koya da kansa ba rashin takarda ke damunsa ba. Abin da makaranta kan tilasta wa ɗalibi ya saba da shi ne yake shakkar ko kana da shi.

Na farko, kuma mafi girma: aikin nan naka ne? A yau mutum zai iya shiga shafin Mixamo ya ɗauko tafiya ko gudu ko naushi da aka riga aka shirya, ya ɗora wa ɗan tsana, wato jikin da ake motsawa a cikin manhaja, ya haska fitila mai kyau, ya sa a ril. Zai kuma iya bin darasin bidiyo mataki-mataki ya fito da abin da malamin ya yi sak. Waɗanda ke karɓar ril sun ga waɗannan motsi sau ba adadi, suna gane su da kallo ɗaya. In sun yi shakka sai su ce turo fayil ɗin. Motsin da aka ɗauko a shirye, in ka buɗe `Graph Editor`, za ka ga maɓalli, wato alamar da ke riƙe matsayin jiki, a kan kowane firem a jere kamar haƙoran mataji. Wanda aka sa da hannu maɓallansa a warwatse suke, nan da yawa, can kaɗan, daidai inda mai aikin ya yi tunani. Shi ya sa jimlar "motsin nawa ne, ɗan tsanar na wane ne" ta fi sakin layi guda na yabon kai daraja. Amfani da ɗan tsanar wani ba aibi ba ne ga mai neman aikin motsi, haka ake yi a ko'ina, kuma lasisin Snow ma ya wajabta a ambaci masu shi. Ɓoyewar ce aibi. Haka guntun raƙumi: in aboki ne ya gina jikin, kai ka sa masa ƙashi da `Rigify` ka motsa shi, faɗi haka a takardar bayanin ril, wato wadda ke faɗin wa ya yi me a kowane guntu. Wasiƙar tarihi ba ta da gurbin wannan bayani. "Wasu daga cikin ayyukana" take cewa, ta bar mai karatu ya yi ta zato.

Na biyu: in an gyara maka, za ka ɗauka? Wanda ya shekara uku shi kaɗai a ɗaki, shi ne mai yi shi ne mai yabawa, sau da yawa gyara kan yi masa zafi. Aikin ƙaramin ma'aikaci kuwa rabinsa gyara ne. Za a ce maka ƙafar hagu na zamewa daga firem 40 zuwa 52, ko jarkar ba ta da nauyi, koma ka sake. Kowa zai iya rubuta "ina karɓar gyara". Abin da ke gamsarwa shi ne ka nuna sawun gyaran. A misalinmu, a ce a zubin farko ɗan garuwar ya sunkuya ya ɗago jarkar cikin firem goma, kamar ba komai a ciki. Lita 25 na ruwa kilo 25 ne. Wanda ya taɓa tsayawa bakin famfo ya kalli masu kura ya san ba haka abin yake ba: mutum kan gyara tsayuwa tukuna, ya buɗe ƙafa, hannu ya miƙe sarai kafin jarkar ta bar ƙasa, ƙugu ya riga kafaɗa tashi, jiki ya karkata ɗaya gefen don ya daidaita nauyin, in ya dire ta kan kura kuma kurar ta ɗan girgiza. A zubi na bakwai duk wannan ya shiga, ɗagawar ta koma firem talatin da wani abu. Bidiyo biyu gefe da gefe, na farko da na bakwai, sun fi kowace shaida. Gani ya kori ji. Ba sai ka tura su tare da wasiƙar ba, tayin kawai ya isa, amma ka tabbata suna nan a ajiye, don akwai mai cewa turo.

Na uku: saurinka nawa? Ƙaramin situdiyo da kwanan wata yake rayuwa. Ƙungiya ta ba su aikin bidiyon minti biyu, ta ce ranar kaza. Minti biyu a firem 24 cikin daƙiƙa firem 2,880 ne, in kuma na talabijin ne da ake yi a 25, firem 3,000. Mai wurin yana lissafin daƙiƙa nawa zai iya ɗora maka a mako. Da matashin ya ce daƙiƙa 11 cikin kwana tara, awa huɗu kullum, ya ba shi abin lissafi: awa 36, kusan mako guda na cikakken aiki, a kan guntu mai wuya. Ko ya ga hakan ya yi masa ko bai yi ba, ya dai san da wa yake magana. A nan ne mutane ke jarabtuwa su rage kwanakin. Kada ka yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan sana'a ƙurewarsa ba ta wuce ranar gwaji: ka ce kwana uku, a ba ka makamancinsa a ce kawo cikin kwana uku, ka kwana biyu ba barci ka kawo abin da bai kai rabin na ril ɗinka ba. Daga nan shakka ta farko ta dawo, a fara tunanin ko ril ɗin ma naka ne. Ƙidaya har da kwanakin gyara, ba ranar da ka gama zubin farko kawai ba.

Inda tarihi ke da gurbi

Ba a ce wasiƙar tarihi ba ta da rana ba. Akwai halin da ta fi dacewa, sai dai ba su da yawa.

In tallar ta neman ɗan koyo ce, ba ƙaramin ma'aikaci ba, to situdiyon ya riga ya san hannunka bai nuna ba. Abin da suke saye a nan naci ne, kuma tarihi na iya nuna naci, muddin da lissafi aka ba da shi. "Na sha wahala" ba ta nuna komai. "Wata 14 ina yin gajeren motsi guda kowane mako, ga su a jere da kwanan wata" ta nuna. Haka nan in wani wanda mai situdiyon ya sani ne ya haɗa ku, layin farko nasa ne: "Malam wane ne ya ce in rubuto maka." A ƙasarmu wannan layi na buɗe ƙofa fiye da komai, amma da izinin mai sunan, kuma linkin ril ya biyo baya nan take.

Akwai kuma wani yanki na tarihin mutum da ba labari ba ne, gwaninta ce, kuma 'yan Sakkwato kan manta suna da ita. Jadawalin siffofin baki da ake samu a darussan intanet don Turanci aka tsara shi. A cikinsa akwai siffar da haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa, ta harafin f. Bahaushe ba haka yake furta f ba, da leɓɓa biyu yake yi. Basakkwace ma ya wuce nan: "tahi" yake cewa a maimakon "tafi", "hwaɗi" a maimakon "faɗi", baki a buɗe ko a ɗan zagaye. Wanda ya bi jadawalin ido rufe zai sa tsohuwar nan ta ciji leɓe a inda ba Bahaushiyar da ke cizawa, mai kallo ya ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Ga kuma baƙi mai nauyi: a "babba" leɓɓa kan daɗe a rufe fiye da a "baba", in rufewar farko firem biyu ce, ta tsakiya tana son uku ko huɗu, wasalin "baba" kuma ya fi tsawo. Situdiyon da ke aiki da Hausa, musamman in wasu ma'aikatansa ba Hausawa ba ne, yana buƙatar mai wannan kunne. Jimla guda a kan haka a sakin layi na biyu ta fi duk labarin zane a bayan littafi. Raƙumin ma haka: mai koyo daga bidiyon doki zai ba shi tafiyar doki, alhali raƙumi ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa kusan tare, shi ya sa yake rangaji. Wanda ya tashi yana ganinsu ana shigowa da su kasuwa ya san wannan a ido. In zama ɗan Sakkwato zai shiga wasiƙarka, ta wannan ƙofa ya kamata ya shiga.

Wanda ril ɗinsa bai kai ba kuwa, sai ya ga kamar dogon tarihi zai cike giɓin. Ba ya cikewa. Guntu biyu masu kyau na daƙiƙa 20 da wasiƙar aiki sun fi guntu takwas masu rauni da shafi guda na labari, domin da mafi raunin guntunka ake auna ka. A ril ɗin matashin nan ma, da za a tambaye mu, tafiyar mutum ta 0:38 ce abin dubawa. Kowa na da ita, kuma in tafin ƙafa na zamewa a ƙasa ko da kaɗan ne, ita za a tuna. Yawanci abin da ke jawo zamewar shi ne layin motsin ƙafar da ke ƙasa yana kan `Bezier`, yana tashi a hankali yana tsayawa a hankali, alhali jiki na tafiya da gudu ɗaya. Mayar da wannan yanki `Linear` ka daidaita nisan taku da nisan da jiki ya ci. In bai gyaru ba, a cire shi, ril ya koma daƙiƙa 42.

Maganar "na koya da kaina" da sauran abin da ake rasa inda za a sa

Wasu kan ce a ɓoye ta gaba ɗaya. Ba mu ga dalili ba, sibi ɗinka, wato CV, zai nuna ko ka yi shiru. A faɗe ta sau ɗaya, bayan an ga aiki, ba "duk da cewa", ba neman afuwa, a haɗa ta da shekaru da manhaja. In kana da difloma ko digiri a wani fanni, a ce daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wurinsa sibi ne. Ba ya shiga wasiƙa sai in yana da alaƙa da aikin, kamar wanda ya karanta Hausa zai nemi wurin da ke rubuta labari da Hausa, ko wanda ya karanta kiwon lafiya zai nemi masu bidiyon rigakafi. In bautar ƙasa na gabanka cikin 'yan watanni, faɗi tun yanzu.

Manhaja: in da wadda ka iya suke aiki, ambace ta ita kaɗai ko da guda ɗaya a bayanta. In da wata suke aiki, a ce Moho ko Toon Boom Harmony, kai kuma Blender ka sani, zaɓi biyu ne. Ko ka ce ka iya, wanda muka riga muka ga inda yake kaiwa, ko ka faɗi gaskiya tare da abin da ka yi a kai: "Ban yi aiki da Moho ba. Na sauke na gwaji, na sake tafiyar 0:38 a cikinsa, ga ta." Sanin lokaci da nauyi da tazarar motsi yana bin mutum duk manhajar da ya koma, masu situdiyo sun san haka. Wuraren dannawa ne kawai sabbi.

Wuta da na'ura fa? Ga mai neman zama a ofishinsu, ba ruwan wasiƙa da wannan. Ga mai neman yi daga Sakkwato, tambaya ce da ke zuciyar mai karatu ko bai furta ba. Bambancin wasiƙun biyu ya sake fitowa a nan: ta tarihi kuka take yi da rashin wuta, ta aiki tana faɗin tanadi. Layi guda ya isa: irin kwamfutar, girman ƙwaƙwalwarta, da awa nawa sola ko batir ke riƙe ka. Ka yi lissafin da watannin bazara a rai, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan kan haura digiri 40, laftof ta ɗau zafi ta rage gudu da kanta tsakar rana. In awa biyar tabbatattu kake da su, kuma da safe ne da dare, rubuta biyar. Maganar albashi ba ta shiga sai in tallar ta ce a faɗa. Tayin gwaji kuwa da gangan aka sa masa "gajere". Daƙiƙa biyar zuwa goma gwaji ne. In aka turo maka fage guda cur na aikin da za su miƙa wa mai shi aka ce gwaji ne kyauta, tambayi kuɗinsa cikin ladabi.

Harshe ya bi tallar. In da Turanci suka yi, da Turanci za ka amsa, gajerun jimloli, ginin bai canza ba. In da Hausa, Hausa. Sallama da "Malam" ko "Hajiya" sun wadatar in ka san wanda zai karanta. In ba ka sani ba, duba shafinsu ka nemo sunan, yana nan galibi.

Yadda za ta isa

Wasiƙar aiki tana rasa rabin ƙarfinta in aka kulle ta cikin PDF, domin duk hikimarta ita ce linki ya kasance a layi na biyu, yatsa ya taɓa shi. Rubuta ta a jikin imel. Sibi da takardar bayanin ril su ne abin maƙalawa, sai fa in tallar ta ce a haɗa komai a fayil guda, to a bi abin da suka ce. Kan saƙon ya faɗi aikin da suna, sunayen fayil ɗinka ma su ɗauki sunanka:

```
Neman aiki: ƙaramin mai motsa zane - Suna - ril 0:48
Suna_Ril.mp4
Suna_CV.pdf
```

Kada a maƙala bidiyon kansa. Daƙiƙa 48 a 1920x1080, in an fitar da shi a megabit takwas cikin daƙiƙa, kusan megabait 48 ne, Gmail kuwa 25 yake ɗauka. Ta WhatsApp kuma matse shi ake yi, layukan zanen tsohuwar su dagule, sai in an tura shi a matsayin `Document`. Mafi sauƙi a ɗora a YouTube a sa `Unlisted`, ba `Private` ba, ko a Vimeo. Mai amfani da Google Drive ya sauya izini daga `Restricted` zuwa `Anyone with the link`. In ba haka ba mai situdiyo zai taɓa linki ya ga `Request access`, kuma da wuya ya nema, na gaba zai buɗe. Gane wannan ba wuya: tura linkin zuwa wayar ƙaninka, wadda ba a shiga da adireshinka ba, a buɗe da data. A nan ne kuma za ka tabbatar lokutan da ka rubuta sun yi daidai. Mutum kan ƙara daƙiƙa biyu a farkon ril bayan ya gama wasiƙa, 0:15 ta koma 0:17, mai karatu ya taɓa ya faɗa kan ƙarshen wani guntu daban.

In kwana goma sun wuce shiru, saƙo guda ya halatta, a ƙarƙashin imel ɗin farko, ba kiran waya da dare ba. Shi ma yana da zubi biyu. Ɗaya na cewa "ina tuni a kan takardata". Ɗayan na cewa: "Malam, na sake duba 0:29, na ga wuyan raƙumin a sandare yake. Na sa shi ya riƙa bin jiki da jinkirin firem uku. Ga sabon, linkin bai canza ba." A Vimeo da Drive ana iya maye gurbin fayil linki ya zauna yadda yake; a YouTube ba a iyawa, sai ka ɗora sabo ka turo sabon linki, tsohon kuma ka bar shi a buɗe har sai sun amsa.